Neman dogon hutu daga Riyad zuwa Damargu: yaya zan tsara takardar?

Ɗan_Damargu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a siton wani kamfanin kayan abinci a Riyad, ina tuƙa injin ɗaga kaya, kuma idan Allah ya kai mu watan Oktoba zan cika shekara 4 da su. Rabona da gida shekara 2 ke nan. Ina so in rubuta takardar neman hutun wata 3, domin za a ɗaura auren ƙanwata bayan kaka, ga rabon gonakin mahaifinmu da aka jingine har sai na zo, ga kuma ɗakin mahaifiyata da ke bukatar sabon rufi. Mudir ɗinmu, wato manajanmu, ya sha faɗa da baki cewa babu wanda zai wuce kwana 45, kuma ba ya barin direbobi biyu su tafi a lokaci guda. Damuwata ita ce garinmu yana gaba da Tanut, kuma kafin in isa sai na kwana a hanya fiye da sau ɗaya, ta yadda idan aka ba ni kwana 45 wani babban kaso zai tafi a jirgi da mota. Ina roƙon waɗanda suka taɓa rubuta irin wannan takarda su nuna mini abin da ake sa wa a ciki, da kuma yawan kwanakin da ya dace in nema ba tare da na ɓata tsakanina da kamfani ba.

Bakatsine_a_Jidda: Wa alaikumus salam. Ai lissafinka mai sauƙi ne, domin dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ma'aikaci kwana 30 a kowace shekara. Tunda shekara 2 ba ka je ba, kana da kwana 60 da albashinka, kuma babu mudir ɗin da ya isa ya hana ka. Ka rubuta cewa haƙƙinka kake nema, sauran wata ɗayan kuma ka roƙe su a matsayin alfarma.

Malam_Mandub: Ina ganin akwai gyara a cikin abin da Bakatsine ya faɗa, kuma gyaran ya shafi dukan takardar. Na daɗe ina aikin bin takardun ma'aikata tsakanin kamfani da ofisoshin gwamnati, saboda haka irin waɗannan buƙatu suna bi ta hannuna. Sashe na 109 na dokar ƙwadago ya ce hutun shekara ba zai gaza kwana 21 ba, kuma yana komawa kwana 30 ne bayan ma'aikaci ya cika shekara 5 a jere wajen mai aiki guda. Ɗan Damargu bai kai nan ba, don haka idan kwantiraginsa bai ba shi fiye da abin da doka ta tanada ba, abin da ya tara a shekara 2 kwana 42 ne. Sannan wannan sashen ne ya ba mai aiki ikon tsara lokacin hutu gwargwadon bukatar aiki, da sharaɗin ya sanar da ma'aikaci aƙalla kwana 30 kafin ranar. Ma'ana, yawan kwanakin haƙƙinka ne, amma ranar tafiya sai da yardarsu, kuma wanda ya shiga ofis yana cewa babu wanda ya isa ya hana shi zai iya fitowa da kwanakinsa cif amma a watan da ba shi da amfani a gare shi.

Kafin ka rubuta komai, ka je wajen mai kula da ma'aikata ka nemi ya buga maka adadin hutun da ke rubuce da sunanka. Ɗage hutun wata shekara zuwa ta gaba yana bukatar amincewar mai aiki, kamar yadda sashe na 110 ya nuna, kuma na sha ganin ma'aikaci yana ƙirga kwana 42 a kansa alhali abin da ke cikin kwamfutar kamfani ya bambanta. Wannan adadin shi ne tubalin da za ka ɗora takardar a kai.

Bakatsine_a_Jidda: Na karɓi gyara a kan shekara 5, domin ni na wuce su tuntuni, shi ya sa nake ganin kowa haka yake. Amma ina nan a kan cewa kada ya rubuta takardar da muryar mai bara, tunda kwana 42 ɗin ba kyauta ba ce.

Ɗan_Damargu: Na gode, Malam. Na duba kwantiragina a Qiwa, shafin gwamnati da ake rajistar kwantiragin ma'aikata, kwana 21 ne aka rubuta, kuma mai kula da ma'aikata ya tabbatar mini da cewa zuwa ƙarshen Satumba zan kasance da kwana 42. Ga yadda hanyar take, don ku gane dalilin da ya sa nake ganin ba za su ishe ni ba. Daga Riyad babu jirgin da zai kai ni Yamai kai tsaye, sai an sauya a Adis Ababa ko Istanbul, kuma tsakanin jira da tashi kwana ɗaya da wani abu yake tafiya. A Yamai dole in kwana, domin motocin Damagaram da asuba suke tashi, su bi ta Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Tasawa, tafiyar kusan kilomita 900 wadda ke cinye yini guda har dare. Washegari in kama hanyar Tanut, kimanin kilomita 140, daga nan kuma motar da ke shiga garinmu ba kullum take samuwa ba, galibi sai ranar kasuwa. Idan komai ya tafi daidai kwana 4 ne zuwa, dawowa kuma ba na yarda in ba ta ƙasa da kwana 5. To idan aka cire 9 daga 42, kwana 33 suka rage, kuma rabon gona kaɗai, da jiran dattawa da zuwa wajen mai gari, zai iya cin rabinsu.

Hajiya_Takari: Ɗana, ni abin da na sani shi ne bayan shekara 2 ana ba mutum wata ɗaya da tikitin zuwa gida, haka uwar ɗakina ta yi mini sau biyu. Ban ga dalilin wahalar da kai da rubuta takarda ba, ka sami kafilinka, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanka, lokacin da ransa yake fari ka yi masa magana, shi zai buga maka biza a wayarsa.

Malam_Mandub: Hajiya, abin da kika faɗa daidai ne ga masu aikin gida, kamar direban gida da mai aikace-aikacen cikin gida, domin su suna da ƙa'idarsu dabam wadda ta ba su hutun wata ɗaya da albashi bayan shekara 2, kuma al'amuransu ta Musaned suke bi, wato shafin gwamnati na masu aikin gida. Shi wannan bawan Allah ma'aikacin kamfani ne, kuma a kamfani mudir ɗin da ya yi maka alkawari da baki yau zai iya barin aiki gobe, wanda ya gaje shi kuma takarda kawai zai duba.

Bari in koma kan lissafin. Abin da ya wuce kwana 42 sai dai ya zama hutu ba albashi, kuma sashe na 116 ya yarda da shi idan mai aiki ya amince. Sai dai akwai wata iyaka a cikinsa da mutane ba su cika lura da ita ba: idan hutun da ba albashi ya haura kwana 20, ana ɗaukar kwantiragin a matsayin wanda aka dakatar na tsawon abin da ya haura, sai fa idan ɓangarorin biyu sun yarda da akasin haka. Wata 3 na nufin kwana 90, wato 48 ba albashi, kuma hakan zai jefa ka cikin wannan dakatarwar, abin da ka iya taɓa lissafin shekarun aikinka ranar da za a biya ka haƙƙin ƙarshen aiki. Shawarata ita ce ka nemi kwana 60: 42 na haƙƙinka, 18 ba albashi. Ka tsaya ƙasa da iyakar kwana 20, kuma abin da kake roƙo a kan iyakar mudir ɗinku ta kwana 45 bai wuce kwana 15 ba, waɗanda 9 daga cikinsu na hanya ne da za ka iya nuna su a rubuce. Da haka za ka yi kwana 51 a gida.

Sarkin_Ciniki: Ni ban yarda ya fara da 60 ba. Duk wanda ya san mudirai ya san ba sa ba da abin da aka nema, sai sun rage don a ga sun yi aiki. Idan ya rubuta 60 za su mayar da shi 45, amma idan ya rubuta 90 za a yi ta ja har a tsaya a 60. Haka na yi a Damam kuma haka ta kasance.

Umman_Sadiya: Maigidana ya bi irin shawarar Sarkin Ciniki a wani kamfanin gine-gine, amma sakamakon ya sha bamban. Da suka ga wata 3 a takarda ba su kira shi ciniki ba, sai suka ajiye ta ba amsa, har tikiti ya yi tsada kuma lokacin da yake so ya wuce. Daga baya wani a ofis ya gaya masa cewa da suka ga yawan kwanakin sun ɗauka yana shirin tafiya ne ba dawowa, sai suka fara neman wanda zai maye gurbinsa. A ganina bambancin yana ga wanda zai karanta takardar. Idan ƙaramin wuri ne da mai shi yake zaune a ciki kuma ya san ka, ana iya ja-in-ja da baki. Idan kuwa takardar za ta bi ta hannun mutum uku kafin a sa mata hannu, adadin da ya yi nisa da ƙa'idarsu yana sa na farkon ya ƙi miƙa ta gaba.

Sarkin_Ciniki: To ai wannan ya danganta da kamfani, kamar yadda kika ce. Shi ya san mutanensa, sai ya auna. Ni dai har yanzu ina ganin wanda ya fara da ƙaramin adadi ya rufe wa kansa ƙofar ƙari.

Injiniya_Bazazzage: Akwai abin da ba a taɓo ba tukuna, kuma shi ne ya fi jefa mutane cikin matsala fiye da yawan kwanakin hutu, wato bizar fita da dawowa. Kwanakin hutu dabam, kwanakin biza dabam, kuma kuskure ne a sa su zama daidai. Bizar tafiya ɗaya riyal 200 ce har zuwa wata 2, kowane ƙarin wata kuma riyal 100. Idan aka ba ka hutun kwana 60 aka buga maka bizar kwana 60, to jinkirin jirgi na kwana ɗaya ya isa ya sa ka tsaya a filin jirgi da bizar da ta mutu. Ka roƙa a cikin takardar cewa a buga ta kwana 90, riyal 300 ke nan, ko da kai za ka cika riyal 100 ɗin daga aljihunka. Tsawaita ta bayan ka fita yana yiwuwa, amma kuɗin ninki biyu ne, kuma sai ka sami wanda zai zauna ya yi maka a ofis alhali kana wurin da ko layin waya ba ya kamawa sosai.

Abu na biyu, biza ba ta wuce wa'adin iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Ɗan Damargu, yaushe iƙamarka za ta ƙare? Kuma ka duba da kyau, domin sau da yawa kwanan watan Hijira ne ake rubutawa, mutum ya karanta shi kamar na Miladiyya ya ruɗi kansa.

Ɗan_Damargu: Na duba a Absher, manhajar gwamnati ta harkokin biza da iƙama, ta yi daidai da 20 ga Disamba. Ni niyyata in tashi 1 ga Oktoba.

Injiniya_Bazazzage: To ka ga amfanin tambayar. Kwana 60 daga 1 ga Oktoba suna ƙarewa 29 ga Nuwamba, ka koma aiki 30 ga wata, wannan babu matsala. Amma kwana 90 daga wannan ranar suna kai wa 29 ga Disamba, wato sun haura iƙamarka da kwana 9, kuma ba za a iya buga bizar a haka ba. Hanya biyu ce: ko ka roƙi a sabunta iƙamar kafin ka tafi, wanda yanzu ana iya yi ko na wata 3 ne kawai, ko kuma a buga bizar da ranar dawowa wadda ba ta kai 20 ga Disamba ba, misali 15 ga wata, wanda zai ba ka rarar kwana 16 bayan ƙarewar hutunka. Na fi son ta farko, domin ba na son mutum ya dawo iƙamarsa na gab da mutuwa. Idan an buga, kada ka dogara da abin da aka faɗa maka da baki, ka buɗe ka karanta ranar da aka rubuta cewa dole ka shigo kafin ta, saboda bizar da aka ƙayyade da rana tana fara ƙirgawa ne tun daga ranar da aka fitar da ita, ko da kana cikin Riyad ba ka tashi ba. Fasfonka ma ka tabbata yana da sauran rai mai yawa bayan ranar dawowa.

Malam_Mandub: Injiniya ya yi bayani mai kyau. Ƙarin da zan yi shi ne, a ƙarƙashin sashe na 40 kuɗin iƙama da na bizar fita da dawowa suna kan mai aiki, amma tikitin hutun shekara ba dokar ce ta wajabta shi ba, sai abin da kwantiragi ya ce, don haka ka karanta naka kafin ka sa maganar tikiti a takarda. Tun daga watan Maris na 2021 ma'aikacin kamfani yana iya neman bizar da kansa ta Absher, amma ba na ba ka shawarar haka a nan. Wannan bizar gajeriya ce, kai za ka biya, kuma fita da ita ba ya nufin an amince maka da hutu. Kana iya fita lafiya a rubuta ka cikin waɗanda ba su zo aiki ba.

Ga yadda zan tsara takardar da a ce ni ne. A rubuta ta da Larabci ko Turanci, gwargwadon abin da ofishinku ke amfani da shi, amma ma'anarta ke nan:

Zuwa ga shugaban sashen kula da ma'aikata, ta hannun shugaban sito. Bayan gaisuwa, ni ne wane, mai lambar aiki kaza, direban injin ɗaga kaya. Ina neman izinin hutu na kwana 60, daga 1 ga Oktoba zuwa 29 ga Nuwamba, in koma bakin aiki ranar 30 ga Nuwamba. Kwana 42 daga ciki hutuna ne na shekara 2 da ban ɗauka ba, kamar yadda yake a rajistar kamfani, sauran 18 kuma ina roƙon a ba ni su ba tare da albashi ba. Dalilin ƙarin shi ne garinmu yana arewacin jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar, kuma tafiya daga Riyad zuwa can da dawowa tana ɗaukar kwana 9 ta jirgi da mota, ga kuma al'amuran iyali da suka haɗa da gādo waɗanda ba sa yiwuwa sai ina nan. Na zaɓi wannan lokaci ne don in dawo kafin ƙidayar kayan ƙarshen shekara, kuma na yi magana da abokin aikina wane, wanda ba shi da niyyar tafiya a waɗannan watanni kuma ya yarda ya riƙe aikina. Ina kuma roƙon a sabunta iƙamata da za ta ƙare 20 ga Disamba, a ba ni bizar fita da dawowa ta kwana 90 saboda yiwuwar jinkirin jirgi. Idan bukatar aiki ba ta ba da damar kwana 60 ba, ina roƙon a kira ni mu tattauna kafin a yanke hukunci. Ga lambar wayata a Nijar da ta wani ɗan uwana da za a iya samuna ta kansa.

Shafi ɗaya ya isa. Ka miƙa ta wata 2 ko 3 kafin ranar, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, kuma kada ka sayi tikitin da ba a canza masa rana sai amincewa ta fito a rubuce.

Ɗan_Agadas_77: Malam, takardar ta yi, amma ina ganin dalilin ya yi sanyi. Da ni ne sai in rubuta cewa mahaifiyata tana kwance rai a hannun Allah, domin ba su cika musu da wannan ba.

Umman_Sadiya: Subhanallahi, kada ya yi wa mahaifiyarsa wannan fatan saboda kwana 15. Ban da haramcin ƙarya, wasu kamfanoni suna neman takardar asibiti, kuma ranar da rashin lafiyar gaske ta zo, da wane baki zai koma ya nemi izinin gaggawa? Dalilansa na gaskiya sun isa, musamman maganar gādo, wadda duk Musulmin da ke zaune a wannan ofis ya san nauyinta.

Bakatsine_a_Jidda: Ni wani abu ne ya ɗaure mini kai tun da ya zayyana hanyar. Me ya sa sai ka bi ta Yamai? Daga Kano zuwa Damagaram bai fi kilomita 240 ba ta Daura da Matamaye, kuma jiragen da ke sauka Kano daga wannan yanki ba su da wuyar samu. Idan ka sauka Kano da rana, washegari kana Damagaram, ka rage aƙalla kwana ɗaya a kowane ɓangare, ka kuma huta da zaman motar kilomita 900.

Ɗan_Damargu: Na yi tunanin haka, kuma 'yan uwanmu da yawa ta Kano suke bi. Abin da ke sa ni ɗari-ɗari shi ne iyakar. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 an rufe ta, ba a buɗe ba sai Maris 2024, kuma na san waɗanda tikitinsu na dawowa daga Kano yake, suka sha wuya kafin su kai ga jirginsu. Yanzu a buɗe take, amma mai dawowa aiki da ranar da aka ƙayyade masa ba ya son hanyarsa ta dogara da abin da ba ya hannunsa. Ga kuma kaya, domin wanda ya shekara 2 bai zo ba ba ya zuwa hannu rabbana, kuma kowane shinge na kwastan da jandarma sai an sauke an duba.

Injiniya_Bazazzage: Ana iya raba ta: ka tafi ta Kano, inda jinkiri ba zai cutar da kai da komai ba sai rage maka kwanan gida, ka dawo ta Yamai, inda babu iyakar ƙasa tsakaninka da jirgi. Irin wannan tikitin yakan ɗan fi tsada, sai ka gwada farashin. Amma ko ka bi ta Kano, ka rubuta a takardar adadin kwanakin hanyar da za ka bi da gaske, kada ka ce 9 alhali tikitin da za ka nuna musu yana nuna wani abu dabam.

Baban_Yasmin_Doha: Mu a Ƙatar mako 3 ne ga wanda bai kai shekara 5 ba, mako 4 ga wanda ya kai, kuma yawancin ma'aikata ba sa bukatar izinin fita yanzu. Duk da haka matsalar ɗaya ce, domin na ga wanda ya ƙara mako 2 a gida da kansa, yana cewa ai zai ba su haƙuri idan ya dawo, ya tarar an rufe maganarsa. Ina so Malam Mandub ya faɗa mana abin da ke faruwa a Saudiyya idan mutum ya makara, tunda a gida ne ake samun matsin lamba, kowa yana cewa ka ƙara kwana biyu a gama biki.

Malam_Mandub: Sashe na 80 ya ba mai aiki damar sallamar ma'aikaci ba tare da haƙƙin ƙarshen aiki ba idan ya yi fashin aiki ba da wani uzuri karɓaɓɓe ba fiye da kwana 15 a jere, ko fiye da kwana 30 a warwatse cikin shekarar kwantiragi, bayan an yi masa gargaɗi a rubuce, wanda a fashin jere ake yi bayan kwana 10. Ga mai shekara 4, haƙƙin da ake magana a kai rabin albashin wata ne a kowace shekara, wato kimanin albashin wata 2 idan kamfani ne ya kawo ƙarshen aikin, kuma ba ƙaramin abu ba ne a yi asararsa saboda biki. Wannan ne ya sa rarar da ke cikin biza ba ƙarin hutu ba ce. Ranar 30 ga Nuwamba ita ce ranar aiki ko da bizar tana da sauran wata guda. Idan jinkiri ya same ka a hanya, ka aika saƙo a rubuce tun ranar, tare da hoton sanarwar soke jirgin ko takardar asibiti, kada ka bari sai ka iso. A da wanda bizarsa ta ƙare yana waje akan hana shi shigowa har shekara 3, an ɗage wannan a farkon 2024, amma ɗagewar ba ta mayar wa kowa da aikinsa ba.

Hajiya_Takari: Ɗana, ko nawa aka ba ka, kada ka gaya wa mutanen gida ainihin ranar da hutunka zai ƙare. Ka faɗa musu ranar da za ka bar gari kawai, ka kuma sa a tsayar da ɗaurin auren da zaman gādon a makonnin farko, domin idan aka san kana da sauran kwanaki sai a yi ta ɗagawa har a kai ka bakin ranar tafiya.

Ɗan_Damargu: Wannan gaskiya ne, Hajiya, na gode. Na nuna wa shugaban sitonmu daftarin kafin in kai ofis. Ya ce lokacin ya yi masa, tunda Oktoba da Nuwamba ba su kai gabanin azumi cunkoso ba, kuma ya ji daɗin ganin sunan wanda zai riƙe injin. Amma ya ce shi iyakar abin da zai iya sa wa hannu kwana 50 ne, abin da ya haura sai babban mudir, kuma yana tsoron idan aka ba ni 60 sauran direbobi za su zo da irin tawa. Yanzu ina tsakanin in karɓi 50 ɗin da ke hannu, wanda zai bar mini kwana 41 a gida, ko in bar takardar ta hau sama da 60.

Sarkin_Ciniki: Ka gani ko? Da 90 ka rubuta, da yanzu 60 yake maka tayi.

Umman_Sadiya: Ko kuma da bai karanta ta har ƙarshe ba. Ni ina ganin ka bar ta ta hau da 60, amma ka roƙi shugaban siton ya rubuta a ƙasanta cewa ba shi da matsala da lokacin kuma akwai mai riƙe aikin, tunda tsoron da yake ji na sauran direbobi yana da amsa a cikin takardar kanta: wanda garinsu yake kusa da filin jirgi ba zai iya nuna kwana 9 na hanya ba.

Malam_Mandub: Idan za ta hau sama, ka tambayi shugaban siton ko 50 ɗin tana nan daram idan babban mudir ya ƙi 60, domin a wasu wuraren ƙin amincewa daga sama yana mayar da mutum kan ƙa'idar kwana 45 ne. Ka kuma tambayi yaushe za a biya ka kuɗin kwana 42 ɗin, saboda doka ta ce ana biyan kuɗin hutu ne kafin a tafi, kuma albashin Nuwamba zai zo da giɓin kwana 18, abin da ya kamata ka sani tun kafin ka yi wa magina alkawarin kuɗin kwano da katako.